Aman da Ya Wuce Laulayi: Yaushe Mai Ciki Ke Buƙatar Gadon Asibiti?

A gidajen Hausawa, tun kafin amarya ta buɗe baki laulayi ya riga ya tona mata asiri. Ta daina shiga kicin, ƙamshin suyar albasa yana tayar mata da zuciya, turaren da take so a da ya zama abin gudu, ga tsartar da yawu, ga kwaɗayin tsamiya da goruba. Manyan mata sukan dubi juna su yi murmushi, su ce, "Laulayi ne, kowace mace da irin nata, zai wuce." Kuma a mafi yawan lokaci gaskiya suka faɗa. Kusan mata 7 zuwa 8 cikin 10 suna fama da tashin zuciya ko amai a farkon ciki. Abin yakan soma tsakanin mako na 4 da na 7, ya yi tsanani wajen mako na 9, sannan ya lafa wa galibin mata kafin mako na 16 zuwa na 20. Mai irin wannan laulayi tana wahala, amma tana shan kunu ya zauna, tana fitsari kamar kullum, tana ɗan taɓa aikin gida, jikinta kuma bai zube ba.

Sai dai akwai wata mace, ɗaya zuwa uku cikin kowace ɗari, wadda nata aman ya fita daga sahun laulayi ya zama cuta. Likitoci suna kiran wannan cuta haifaremesis girabidarum, wato matsanancin aman masu ciki. Ita ma wannan matar ana ce mata zai wuce, ana ce mata ta daure, har wani lokaci a zarge ta da raki ko shagwaɓa, alhali jikinta yana bushewa ne a hankali a kan tabarma.

Cutar ba ta duba gata. A watan Disamba na 2012 an kwantar da Kate, matar Yarima William na Ingila, a asibitin King Edward VII da ke Landan saboda ita, lokacin tana ɗauke da cikin ɗanta na fari, har ta tilasta wa fadar ta sanar da cikin tun bai kai lokacin da aka saba sanarwa ba. Ta sake fama da ita a cikinta na biyu da na uku. Can baya kuma, masana da dama suna ganin ita ce ta yi ajalin marubuciyar Ingila Charlotte Brontë, wadda ta rasu a 1855 da ƙaramin ciki, bayan ta shafe makonni ba abin da ke zama a cikinta.

Inda bambancin yake

Mutane sukan so su auna tsananin abin da yawan aman: sau nawa ta yi yau? Wannan yana da amfani, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya zauna? Mace na iya yin amai sau uku da safe, ta ci tuwo da rana ya zauna, ta sha ruwa ya zauna. Wata kuwa ko kurɓin ruwa ta yi, kafin ta ajiye kofin ya dawo. Ta kai har ba sauran komai a cikin, sai yunƙuri kawai da wani ruwa mai ɗaci, rawaya ko kore. Yawun bakinta ma ba ta iya haɗiyewa, shi ya sa za a tarar da gwangwani ko roba a gefen katifarta dare da rana.

A 2021 ƙwararru da matan da suka taɓa fama da cutar suka amince da ma'ana guda ta gane ta. Dole abin ya kasance ya fara kafin mako na 16, tashin zuciyar ko aman ya yi tsanani, ya hana mace ci da sha yadda ta saba, ya kuma hana ta gudanar da harkokinta na yau da kullum. A aikace, ma'aikatan asibiti sukan ƙara da ma'auni: idan mace ta rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyin da take da shi kafin ciki, abin ya wuce wasa. Mace mai kilo 60 ke nan da ta zubar da kilo 3. A gida, inda ba sikeli, zani yakan ba da labari, haka ma zobe da warwaro da ke neman zamewa daga hannu, da ƙasusuwan wuya da suka fito.

Fitsari shi ne mai shaida na biyu, kuma ya fi kowa saurin magana. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda takan riƙe ɗan abin da ya rage, sai fitsarin ya ragu, ya yi duhu kamar ruwan shayi, ya yi wari. Mai cikin da ta wuni tun asuba har la'asar ba ta yi fitsari ba, leɓɓanta sun tsage, harshenta ya bushe, idanunta sun faɗa, in ta miƙe tsaye jiri ya ɗebe ta, zuciyarta na bugawa da sauri ko tana kwance, wannan ba ta da sauran zama a gida. A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, gumi ma yana kwashe nasa kason, don haka abin da zai ɗauki kwana uku a lokacin sanyi yana iya faruwa cikin wuni guda.

Ba raki ba ne

Shekaru masu yawa har likitoci suna ɗaukar cutar a matsayin matsalar tunani, wai mace ce ba ta son cikin, ko tana neman a kula da ita. Wata masaniyar ƙwayoyin gado 'yar Amurka, Marlena Fejzo, ta ji wannan zargi daga bakin likitanta a 1999, lokacin da aman ya kai ta ga ba ta iya ko juyawa a gado. Cikin ya zube a mako na 15. Daga nan ta duƙufa neman musabbabin abin. A 2018 ita da abokan aikinta suka binciki ƙwayoyin gadon mata fiye da 50,000, suka gano cewa cutar tana da alaƙa da wani sinadari mai suna GDF15. A ƙarshen 2023 kuma, tare da Farfesa Stephen O'Rahilly na Jami'ar Cambridge, suka wallafa bayanin yadda abin ke aiki a mujallar kimiyya ta Nature.

Kowane ɗan Adam yana da ɗan wannan sinadari a jininsa. Idan ciki ya shiga, mabiyiya takan riƙa zuba shi da yawa a jinin uwa, shi kuma ya je ya taɓa wani wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke tayar da zuciya da sa amai. Abin mamakin shi ne, matan da jikinsu bai saba da shi ba, wato waɗanda nasu ya yi ƙaranci tun kafin ciki, su ne ya fi bugawa. Matan da ke da wata cutar jini ta gado da ke sa sinadarin ya kasance da yawa a jikinsu kullum kuwa, da wuya su yi laulayi mai tsanani. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa cutar ke bin dangi, ta kama uwa, ta kama 'ya, ta kama ƙanwa, da dalilin da ya sa wadda ta taɓa yi take cikin haɗarin maimaitawa. Cikin tagwaye ma yakan ƙara tsananta ta.

Saboda haka surukar da ke cewa, "Mu da muka haifi goma ba mu kwanta ba," ba ƙarya ta yi game da kanta ba. Jikinta ne ya bambanta da na matar ɗanta, kuma ba dauriya ce ta raba su ba.

Daga ƙofar asibiti zuwa sallama

A ɗauki misalin yarinya mai shekara 22, cikin fari, mako na 9. Kafin ciki nauyinta kilo 60. Ta shafe mako uku tana amai, kwana biyun ƙarshe ko ruwa ba ya zama. Kunyar cikin fari ta hana ta faɗa wa kowa sai yayarta, kuma ba ta fara zuwa awo ba, domin a al'ada sai ciki ya fito ake tunanin awo. Da mijin ya ga ta faɗi a hanyar banɗaki ne ya ɗauko ta.

Abu na farko, za a ɗora ta a sikeli. Kilo 56: ta rasa kilo 4, kusan kashi 7 cikin 100. Za a auna bugun zuciya da hawan jini, a tarar zuciya na gudu sama da 100 a minti, jinin kuma ya yi ƙasa. Daga nan likita mai hankali ba zai tsaya a kan "ai ciki ne" ba, domin a wannan yanki akwai cututtuka da dama da ke sa mai ciki amai. Za a ɗibi jini a duba zazzaɓin cizon sauro, a duba fitsari ko akwai ƙwayoyin cuta a mafitsara ko ƙoda, a tambaye ta ko tana da gyambon ciki, a duba farin idonta ko ya yi rawaya irin na shawara. Matsanancin aman ciki shi kaɗai ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya zuwa da gudawa, ba ya zuwa da ciwon ciki mai tsanani. Idan akwai ɗaya daga cikinsu, akwai wani abu daban da ya kamata a nemo. Haka kuma aman da bai fara ba sai bayan wata huɗu, da wuya a ce laulayi ne.

Za a yi mata hoton ciki, domin a tabbatar cikin yana cikin mahaifa, a ga ko tagwaye ne, a kuma kawar da wani irin ciki da ba ɗa a cikinsa sai tarin ƙullutun ruwa. Irin wannan cikin yakan zo da amai mai tsanani da zubar jini, kuma maganinsa wankin ciki ne da bibiya ta watanni.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na gishirin jini, musamman sodiyam da fotasiyam, tare da duba aikin ƙoda. Amai yana zubar da waɗannan sinadarai. Idan fotasiyam ya yi ƙasa sosai, gaɓoɓi sukan mutu, ƙafafu su kasa ɗaukar mace, bugun zuciya kuma ya rikice, wanda hakan kan iya kashewa farat ɗaya. Sakamakon wannan gwajin ne ke nuna irin ruwan da za a ƙara mata da abin da za a zuba a ciki. Galibi ruwan gishiri ake sa wa, a haɗa da fotasiyam gwargwadon buƙata, a riƙa maimaita gwajin kowace rana muddin tana kan ƙarin ruwa. Idan sodiyam ne ya faɗi ƙwarai, a hankali ake ɗaga shi, domin gaggawa a nan tana iya lalata ƙwaƙwalwa.

Maganin tsayar da amai kuwa ta allura ko ta jijiya ake fara shi, tunda ƙwaya ba za ta zauna ba. Mata da yawa, da mazajensu, suna tsoron shan kowane magani a farkon ciki, kuma tsoron yana da tushe, domin maganin talidomaid da aka ba masu laulayi a ƙarshen shekarun 1950 ya sa an haifi dubban jarirai da nakasar hannu da ƙafa. Amma magungunan da ake amfani da su yau, irin su furometazin da saikilizin da haɗin dokisilamin da bitamin B6, an shafe shekaru ana bibiyar su ba a ga suna jawo nakasa ba. Idan ba su wadatar ba akan ƙara metokulofuramid na 'yan kwanaki, ko ondansetiron. Shi na ƙarshen an danganta shi da ɗan ƙarin haɗarin tsagewar leɓe ga jariri idan aka sha a watanni ukun farko, kimanin jarirai 3 cikin 10,000, abin da likita zai auna da haɗarin barin uwa cikin yunwa da ƙishirwa. Sau da yawa sai an haɗa magani biyu kafin a samu sa'ida.

Akwai abin da ya kamata masu jinya su sani game da wasu daga cikin magungunan nan, musamman metokulofuramid. A wasu 'yan mata yakan sa wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, muƙamuƙi ya riƙe. Wanda bai sani ba zai rantse iska ce ta buge ta, har a fara shirin ɗauke ta daga asibiti. Illar magani ce, kuma allura ɗaya takan warware ta cikin mintuna. A kira malamar jinya kawai.

Matar da ke kwance ba motsi, jininta kuma ya yi kauri saboda rashin ruwa, tana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, don haka a asibitocin da ke da hali akan yi mata allurar kariya a ƙarƙashin fata. Bayan kwana biyu ko uku, idan fitsari ya dawo fari, ta fara shan koko ya zauna, sai a mayar da ita kan ƙwayoyi a sallame ta. Kuskuren da aka fi yi bayan sallama shi ne ajiye maganin da zarar an ji sauƙi. Cutar tana nan, maganin ne ya danne ta, kuma mata da yawa sukan dawo gado cikin mako guda. Wasu sai sun sha maganin har tsakiyar ciki, kaɗan daga ciki har ranar haihuwa.

Haɗarin ledar ruwa a gida

A unguwanni da ƙauyuka da yawa, idan mai ciki ta galabaita, abin da aka fi yi shi ne a kira mai kemis ko wani ma'aikacin lafiya na maƙwabta ya zo ya rataya leda a ƙusar bango. Sau da yawa ruwan sukari ake sa wa, bisa tunanin cewa ba ta ci abinci ba, tana buƙatar ƙarfi. Niyyar mai kyau ce, amma a wannan cutar takamaimai, wannan ledar tana iya zama mafarin bala'i.

Dalilin shi ne bitamin B1, wanda ake kira tayamin. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, abin da ke akwai bai wuce na mako biyu zuwa uku ba. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta iya sarrafa sukari sai da shi. Macen da ta yi mako uku tana amai ta riga ta cinye ajiyarta. Idan aka kwarara mata sukari ta jijiya, ɗan guntun da ya rage zai ƙone nan take, sai wasu sassan ƙwaƙwalwa su fara lalacewa. Wannan shi ne ciwon da ke ɗauke da sunan likitan Jamus Carl Wernicke. Alamominsa su ne ruɗewa da mantuwa, mace ta riƙa magana ba kan gado ko ta yi shiru kamar ba ta gane mutane, idanu su riƙa rawa ko ta riƙa ganin abu bibbiyu, in ta tashi tafiya ta riƙa tangaɗi. Idan aka gane da wuri aka ba ta tayamin mai yawa ta jijiya tana iya warkewa. Idan aka makara, mantuwar kan zauna har abada, cikin kan zube, wata ma ta rasa ranta.

Shi ya sa ƙa'idar asibiti ita ce a ba duk mai cikin da ta daɗe tana amai tayamin, kuma a ba ta shi kafin duk wani ruwa mai sukari. Magani ne mai araha. Miji ko uwar da ke jinya suna da damar su tambaya cikin ladabi, "Likita, an ba ta bitamin B1 kuwa?" Tambaya ce da ba likitan kirki da zai ji haushinta.

Abin da gida zai iya, da inda ya tsaya

Muddin ruwa yana zama, gida yana da rawar takawa. A riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, mara maiƙo da yaji, kuma mai sanyi ya fi mai zafi domin ba ya tashin ƙamshi. Ruwan gishiri da sukari na fakiti, wanda ake damawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓarsa cokali-cokali. A ɗauke mata girki. Ƙwayar ƙarin jini ta awo takan ƙara tayar da zuciya, don haka ma'aikaciyar lafiya na iya dakatar da ita na ɗan lokaci, a ci gaba da folik asid. Citta tana taimaka wa mai laulayi mai sauƙi, amma ba ta yi wa mai matsanancin amai komai, wani lokaci ma sai ta ƙara mata ƙwannafi. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna ƙara wa ƙoda da hantar da suka riga suka gaji nauyi. Idan kuma abin ya faɗo a watan Ramadan, malamai sun yi bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya da mai cikin da ke tsoron cutuwa, kuma mace a wannan hali ta cika sharaɗin ta kowace fuska.

Game da jaririn, akwai kwanciyar hankali. Mafi yawan matan da suka samu kulawa a kan lokaci suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Haɗarin haihuwar ƙaramin jariri ko bakwaini ya fi yawa ne ga wadda aka bari ta rame, ba ta kuma mayar da jikinta ba har ƙarshen ciki. Ita kanta uwar tana buƙatar a lura da zuciyarta, domin watanni na amai a ɗaki ita kaɗai, ga gori, suna jefa mata da yawa cikin baƙin ciki mai zurfi, har wasu su ji sun tsani cikin da suka daɗe suna roƙon Allah ya ba su. Wadda ta furta haka a saurare ta, a sanar da likitanta, kada a hau ta da faɗa.

Wadda ta taɓa wannan cuta ta je asibiti da zarar ta ga batan wata a ciki na gaba, domin fara magani tun aman bai kankama ba yana rage tsananinsa. Ga mazaje da iyaye da surukai kuwa, idan mai ciki ta yi awa 24 ruwa bai zauna mata ba, ko ta wuni ba fitsari, ko ta yi aman jini, ko zazzaɓi ya haɗu da aman, ko ta fara ruɗewa ko tangaɗi, kada a jira gari ya waye, kada kuma a aika kiran mai kemis. A kai ta asibitin da ke da likita da ɗakin gwajin jini a ranar.